Rahoto Ɗaya, Kwanaki Da Dama: Yadda Ake Rarraba Hasashen Damina Ba Tare Da Ma'anarsa Ta Ɓace Ba

A farkon kowace shekara, galibi a Janairu ko Fabrairu, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, kan fitar da kundin hasashen yanayi na shekarar. Kundi ne mai shafuka da yawa, cike da taswirori da jadawalin jihohi, kuma kaɗan ne daga cikin manoman da abin ya shafa za su zauna su karance shi. Abin da ke isa wayoyin mutane a Sakkwato shi ne guntayensa: hoto ɗaya da layi biyu a Facebook, ko wani saƙo da ya zagaya zaurukan WhatsApp har aka manta wanda ya fara tura shi. Daga nan ruɗani kan fara. Wani ya ga an ce ruwa zai yi yawa, wani ya ga an ce za a yi fari, kowanne kuma yana da hujja a wayarsa, alhali duka maganganun biyu daga kundi ɗaya aka ciro su.

Masu kula da shafukan ƙungiyoyin manoma, da malaman gona, da matasan da ke aikin yaɗa labarai, su ne ke tsakanin kundin da jama'a. Aikinsu shi ne su mayar da dogon rahoto zuwa gajerun rubuce-rubuce da za a riƙa sakawa a ranaku daban-daban. Kundin hasashen damina misali ne mai kyau na wannan aiki, domin kuskure a cikinsa yana iya jawo asarar iri, kuma abin da ya shafe shi ya shafi duk wani rahoto da ake son rarrabawa, na lafiya ne ko na kasuwa.

Abin da ake nufi da gajeren rubutu, da bambancinsa da taƙaitawa

Gajeren rubutun da ake magana a kai shi ne wanda ke rakiyar hoto ko bidiyo a kafafen sada zumunta, wanda masu harkar ke kira kafshan. Mutane da yawa kan ɗauke shi daidai da taƙaitaccen bayani, amma aikinsu ya bambanta. Taƙaitaccen bayani yana matse rahoto gaba ɗaya, ya taɓo kowane sashe kaɗan-kaɗan. Kafshan kuwa magana ɗaya yake ɗauka daga cikin rahoton, ya cika ta, ya bar sauran ga wasu ranaku.

Akwai kuma abu na uku da ake yawan yi bisa kuskure, wato yanka rahoto gunduwa-gunduwa bisa tsawonsa: sakin layi uku na farko ranar Litinin, uku na biye ranar Talata, a haka har a ƙare. Dogon rubutu an gina shi ne domin wanda zai fara daga sama ya sauka ƙasa, saboda haka marubucinsa yakan bayyana kalma sau ɗaya a shafin farko, ya ci gaba da amfani da ita ba tare da maimaita bayani ba. Mai duba waya kuwa ba daga sama yake farawa ba. Kafafen nan ba sa nuna wa kowane mabiyi duk abin da shafi ya saka, kuma ba lallai su nuna shi bisa jerin da aka saka shi ba. Wanda ya ga rubutun Laraba wataƙila bai ga na Litinin ba, kuma ba zai je nemansa ba. A kan wannan gaskiyar dukkan aikin ya ginu: kowane kafshan za a karanta shi ne shi kaɗai, a hannun wanda bai ga 'yan uwansa ba.

Daga ina ake yanka

Matakin farko shi ne a karanta rahoton har ƙarshe kafin a rubuta komai, a kuma tsayar da waɗanda ake yi wa magana. Kundin NiMet na ƙasa baki ɗaya ne. Yana da bayani kan jihohin bakin teku, da sufurin jiragen sama, da ɗan tsaikon ruwan da kudu kan samu a tsakiyar damina, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke da amfani ga mai noman gero a Gwadabawa. Idan shafin na manoman Sakkwato ne, mafi yawan kundin za a ajiye shi gefe, kuma wannan ba ha'inci ba ne muddin abin da aka ɗauka an ɗauke shi daidai.

Bayan haka sai a ɗauki takarda a rubuta kowace magana da mai karatu zai iya aiki da ita, jimla ɗaya ga kowace magana. Ga manomin Sakkwato, abin da zai fito bai cika wuce shida ba: lokacin da ake sa ran ruwan shuka zai zauna, lokacin da zai ɗauke, tsawon daminar tsakanin waɗannan biyun, yawan ruwan da ake sa rai idan an kwatanta da abin da aka saba, yiwuwar tsaikon ruwa bayan an yi shuka, da kuma zafin bazara tare da gargaɗin cututtukan da ke tafe da shi, irin su sanƙarau. Yawan waɗannan jimlolin shi ne yawan kafshan ɗin da rahoton zai iya bayarwa. Wanda ya ƙudurta tun farko cewa sai ya fitar da rubutu talatin domin ya cika wata guda, zai ƙare da maimaita magana ɗaya cikin tufafi daban-daban, kuma mabiya kan gane haka da wuri su daina tsayawa.

Sai dai jerin na iya ƙaruwa ta wata fuskar da ta dace, wato ta wuri. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23, kuma ruwa ba rana ɗaya yake zama a cikinsu ba. Na kudu, irin su Kebbe da Tambuwal da Tureta, kan riga na kan iyakar Nijar, irin su Illela da Gada da Sabon Birni. Maganar zaman ruwan shuka, saboda haka, ta cancanci a raba ta gida biyu ko uku bisa yanki, maimakon a ba jihar duka rana ɗaya.

Misali a aikace: maganar ruwan shuka

A ɗauka an buɗe jadawalin jihar an ga ranar da aka ba Illela. Abin da ake yawan gani a shafuka shi ne irin wannan: "Kamar yadda muka faɗa jiya, damina za ta sauka a wata mai zuwa. Manoma a shirya." Rubutun gajere ne kuma yana da daɗin karantawa, amma ya zubar da kusan duk abin da ya sa maganar ta zama gaskiya. Bai faɗi wuri ba, don haka mutumin Tambuwal da na Illela za su ɗauke shi daidai. Bai faɗi wanda ya yi hasashen ba. Ya ce "za ta sauka" kamar an riga an gani, alhali kundin hasashe ne, kuma ranar na iya matsawa gaba ko baya da wasu kwanaki. Ya kuma jingina da rubutun jiya wanda mai karatu bai gani ba.

Mafi haɗari a ciki su ne kalmomin lokaci. "Bana", "gobe", "jiya", "wata mai zuwa", duka suna da ma'ana ne a ranar da aka rubuta su kawai. Saƙo a WhatsApp ba ya mutuwa. Yana kwanciya a wayar wani, bayan shekara ya sake tasowa, kuma "bana" ɗin da ke cikinsa sai ta koma banar mai karantawa. Maganin wannan shi ne a rubuta shekara da lamba, a rubuta sunan wata, a kowane kafshan ba tare da gajiya ba.

Akwai kuma batun kalmar kanta. Ranar da kundin ke bayarwa ba ranar ruwan farko ba ce. Ana nufin lokacin da ƙasa ta sha ruwan da zai iya riƙe shuka. Manomi ya san bambancin yayyafin da ke kwantar da ƙura da ruwan shuka na sosai, amma idan aka rubuta masa "saukar damina" kawai, yana iya fassara ta da ruwan farko. Wanda ya saba binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, shi ya fi kowa buƙatar wannan bayanin, domin ƙaramin ruwa na iya tsirar da iri, rana ta biyo baya ta ƙone shi.

Idan aka gyara, rubutun zai zama kamar haka, a cike gurbin ranar daga jadawalin shekarar: "Manoman Illela: hasashen NiMet na 2025 ya ce ana sa ran ruwan shuka zai zauna wajen ranar kaza ga wata kaza. Wannan ba ranar ruwan farko ba ce, rana ce da ake sa ran ƙasa ta jiƙa sosai yadda za ta riƙe shuka. Hasashe ne, yana iya yin gaba ko baya da 'yan kwanaki. Idan an sami yayyafi kafin lokacin, a duba zurfin laima kafin a zuba iri duka. Ranar Tambuwal da Kebbe daban ce." Ya fi na farko tsawo ninki uku ko fiye, amma ana iya tura shi ko'ina, a kowane lokaci, ba tare da ya yaudari kowa ba.

Maganganun da ba a raba su

Ƙa'idar magana ɗaya ga kafshan ɗaya tana da iyaka, kuma a wannan iyakar ne ruɗanin da aka ambata a farko ke samo asali. Wasu maganganun a cikin rahoto tagwaye ne, ɗaya tana gyara ɗaya. Kundin na iya cewa jimillar ruwan shekara za ta kai ko ta zarce abin da aka saba, a wani shafin kuma ya ce ana sa ran tsaikon ruwa na kwanaki da dama bayan shuka. Babu saɓani tsakaninsu, domin ruwa na iya tsayawa mako biyu a Yuli sannan ya zuba da ƙarfi a Agusta har jimillar ta cika. Amma idan aka saka ta farko ranar Litinin da taken "ruwa zai wadata", ta biyu kuma ranar Alhamis da taken "ana fargabar fari", an haifar da labarai biyu masu karo da juna, kuma kowanne zai bi hanyarsa a zauruka daban.

Abin da ya dace shi ne kowace daga cikin tagwayen ta ɗauki inuwar 'yar uwarta a jimla ɗaya. Kafshan ɗin yawan ruwa ya ƙare da cewa yawan jimilla ba ya nufin ruwa zai riƙa zuwa a kai a kai. Na tsaikon ruwa kuma ya faɗi cewa tsaiko ne na kwanaki, ba gazawar damina duka ba. Ita ma kalmar "fari" tana buƙatar taka-tsantsan, domin a kunnen dattijon da ya ga yunwar 1973 ko ta 1984 kalma ce mai nauyi, ta fi ƙarfin tsaikon kwana goma.

Haka nan "abin da aka saba" a bakin masana yanayi matsakaicin shekaru masu yawa ne, galibi talatin, ba daminar bara ba. Idan ba a faɗi haka ba, mai karatu da bara zai auna. Sannan kada a cusa wa rahoto abin da bai faɗa ba: hasashen ambaliya na shekara wata hukuma ce daban ke fitar da shi, wato NIHSA. Mutanen da ke zaune a gaɓar kogin Rima, waɗanda ba su manta ambaliyar 2010 a yankin Goronyo ba, suna ɗaukar duk maganar ambaliya da muhimmanci, don haka jingina ta ga kundin da bai yi ta ba laifi ne babba ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Wace rana ce ta wace magana

"Ranaku daban-daban" ba lallai ne ya zama kwana shida a jere ba. Kundin yana fita watanni huɗu ko biyar kafin ruwa ya zauna a Sakkwato, kuma kowace magana a cikinsa tana da lokacin da ake yanke shawara a kanta. Maganar zafi da sanƙarau ta Fabrairu da Maris ce. Tsawon damina ya kamata ya fita tun kafin a sayi iri, wajen Afrilu, domin da shi manomi zai auna ko ya nemi iri mai saurin nuna ko ya tsaya kan wanda ya saba. Maganar ruwan shuka a fitar da ita a watan Mayu, ta tsaikon ruwa kuma dab da shuka, ɗaukewar ruwa kuwa sai a maimaita ta a Agusta saboda masu shuka wake a makare. Tsarin babi-babi na rahoton an yi shi ne domin sauƙin masu rubuta shi. Tsarin kafshan kalandar mai karatu yake bi.

Ana iya shirya rubuce-rubucen tun da wuri a jera su a manhajar Meta Business Suite, wadda ke saka su a Facebook da Instagram a ranar da aka zaɓa. Sauƙin yana da tarko. Rubutun da aka shirya tun makonni kafin ranar fitarsa bai san abin da ya faru a tsakani ba, kuma hukumar na fitar da hasashen kwanaki kaɗan-kaɗan a duk tsawon shekara. Ya zama wajibi a sake buɗe kowane rubutu kwana ɗaya kafin fitarsa, a gwada shi da sabon bayani.

Iyakokin kafafen su ma suna da tasiri a kan ginin jimla. Instagram na karɓar haruffa 2,200 a kafshan, amma abin da ke bayyana kafin a yanke bai wuce kimanin haruffa 125 ba, wato kusan kalmomin Hausa ashirin, kuma adireshin intanet da aka saka a cikin kafshan ɗin ba ya dannuwa. A X, wato tsohuwar Twitter, asusu na gama-gari haruffa 280 yake da su, kowane adireshi kuma yana cin 23 komai tsawonsa. Facebook na ɓoye ragowar dogon rubutu a bayan See more. Ma'anar wannan ita ce doguwar sallama da gabatarwa, waɗanda suka dace da wasiƙa ko jawabi, a nan suna cinye gurbin da ya kamata sunan gari da shekara su zauna. Tunda kuma mutane kan ɗauki hoton allo su tura ba tare da rubutun ƙasa ba, ya kyautu shekara da sunan ƙaramar hukuma da sunan hukumar da ta yi hasashen su kasance a jikin hoton kansa.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Ba kowa ne ya yarda da rarrabawar ba. Wasu, musamman masu bincike da malaman jami'a, suna ganin rahoto jiki ɗaya ne, kuma duk wanda ya yanka shi ya zaɓar wa mutane abin da za su sani. A wajensu gara a saka kundin duka, mai so ya sauke. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuskar amana, domin mai rarrabawa na iya fifita abin da zai ja hankali ya bar abin da ya fi amfani. Masu ɗaya ra'ayin kuma suna cewa kundi mai nauyi yana cin data, yana da wuyar karantawa a ƙaramar waya, kuma wanda aka ba shi duka sau da yawa ba ya buɗe ko shafi ɗaya. A aikace ra'ayoyin biyu na iya haɗuwa: a rarraba, amma kowane kafshan ya faɗi sunan rahoton da shafin da aka ciro maganar, domin mai shakka ya je ya duba.

Saɓani na biyu kan lambobi ne, irin "kashi na 2 cikin 6". Masu goyon baya na cewa yana sanar da mai karatu cewa akwai saura. Masu adawa na cewa wanda ya tarar da kashi na 4 yakan ji an riga an wuce shi, sai ya tsallake. Lambar ba ta da illa idan an ajiye ta a ƙarshe kuma rubutun ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ba shi da hujja a irin wannan rahoto shi ne salon jan rai, a faɗi rabin magana a ce "ku biyo mu gobe domin jin ranar". Salon na iya ƙara yawan masu dawowa, amma bayanin da mutum zai gina shawarar shukarsa a kai ba abin ɓoyewa ba ne har gobe.

Yadda abin ke isa ga jama'a, da yadda ake gane an yi kuskure

A ƙauyuka da yawa rubutun ba a ido yake ƙarewa ba, a kunne yake ƙarewa. Bayan la'asar, a majalisar ƙofar gida, saurayi ɗaya mai waya yakan karanta wa dattawa biyar ko shida, wani ya ce "maimaita", wani ya tambaya "na wane gari ne, yaro?" Idan amsar ba ta cikin rubutun, saurayin zai cike gurbin da zatonsa, kuma zaton nan ne zai tafi gona. Saboda haka gwaji mafi sauƙi kafin a saka kafshan shi ne a karanta shi da babbar murya ga wanda bai taɓa ganin rahoton ba, sannan a tambaye shi abu huɗu: a ina, yaushe, wa ya faɗa, kuma me ake so ya yi. Duk tambayar da ya kasa amsawa, ita ce jimlar da ta ɓace.

Bayan an saka, tambayoyin mabiya ne ke nuna inda aka bar rami. Idan ana ta tambayar "wannan na bana ne?", an manta shekara. Idan mutanen Isa da na Yabo suna gardama kan rana ɗaya, an manta wuri. Idan aka wayi gari ana cewa hukumar ta yi ƙarya saboda ruwa bai zo a ranar da aka ambata ba, to kafshan ɗin ne ya mayar da hasashe alkawari, kuma asarar ba ta tsaya kan irin da ya ƙone ba, domin manomin da ya yi shuka sau biyu saboda wani saƙo da wuya ya sake sauraron hasashe a shekara ta gaba.

Idan kuskure ya riga ya fita, ko sabon bayani ya sauya tsohon, gyara rubutun a shafi bai isa ba, tunda kwafinsa ya riga ya bazu inda hannu ba ya kaiwa. Sai an fitar da sabon kafshan da ya fara da kalmar "Gyara", ya ambaci ranar da aka saka na farkon da abin da ya faɗa, ya kawo daidai ɗin, sannan a tura shi cikin zaurukan da na farkon ya bi, a kan hoto mai launi daban domin kada a ɗauka tsohon ne ya sake dawowa.